Ibn Rushd ɗin da na ƙera da hannuna

Ga sakin layin da na rubuta, ban gyara ko harafi ba:

"Amma Ibn Rushd da ire-irensa, waɗanda falsafar Girkawa ta rufe wa ido, sun yi iƙirarin wai wuta ce ke ƙona abu da ikon kanta, ba ruwan Allah a ciki. A wurinsu duniya kamar inji ce da ke tafiyar da kanta, saboda haka babu mu'ujiza. Wannan magana ba ta buƙatar dogon raddi, domin kowane Musulmi ya san wuta ba ta ƙona Annabi Ibrahim ba."

Lokacin ina koyarwa a wata makaranta a Kabo, ina kuma bin motar Gwarzo zuwa Kano don ƙaro karatu. A darasin falsafar Musulunci aka ba mu jinga a kan wata tsohuwar tambaya: idan auduga ta haɗu da wuta ta ƙone, wutar ce ta wajabta ƙunar, ko kuwa abubuwa biyu ne da suka saba zuwa tare? Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ce babu tilas a tsakaninsu, Allah ne ke halittar ƙunar a yayin haɗuwar. Ibn Rushd na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya yi masa raddi. Ni ina bayan Gazali, har gobe kuma ina bayansa a kan jigon maganar. Malamin darasin ya ce dole maƙalar ta ƙunshi hujjar ɗaya ɓangaren kafin a mayar da martani, shi ne na yi waɗancan jimloli uku na wuce, ina jin na gama da mutumin.

Takardar ta dawo da jan biro a gefen sakin layin. Malamin bai ce na yi kuskure a matsayata ba. Tambaya ɗaya ya rubuta: a wane shafi Ibn Rushd ya faɗi haka? Na ji haushi, don a ganina abu ne sananne. Na ɗauki takardar na kai wa wani dattijon malami a garinmu da nake ɗaukar karatun fiƙihu a zaurensa, da niyyar ya tabbatar mini cewa 'yan boko ne kawai ke son kare masu falsafa. Ya sa na karanta masa a bayyane. Da na kai ƙarshe sai ya miƙa hannu cikin tarin littattafansa ya zaro wani mai baƙin bango da ya sha hannu, ya ajiye a gabana.

"Ɗana, wa ya rubuta wannan?"

Na duba, Bidayatul Mujtahid ne. Na ce, "Allah gafarta Malam, Ibn Rushd ne."

"To shi ɗin ne dai ka ce ya cire Allah daga ƙunar wuta? Alƙalin Malikiyya na Ƙurɗuba? Ni ban karanta falsafarsa ba, kuma ba na sha'awa. Amma kafin ka ɗora wa mutum irin wannan magana, sai ka ji ta daga bakinsa."

Gaskiyar da ban faɗa wa Malam ba ita ce ko shafi ɗaya na Tahafutut Tahafut, raddin da Ibn Rushd ya yi wa Gazali, ban buɗe ba. Abin da na sani game da Ibn Rushd na tsince shi ne daga taƙaitaccen bayanin darasi da wa'azin da na sha ji. Wato na zauna a matsayin alƙali, na saurari mai ƙara, sannan na ce wa mai ƙarar ya faɗa mini abin da wanda ake ƙara zai ce, na yanke hukunci a kan haka.

Da na nemo littattafan biyu, na Gazali da na Ibn Rushd, na karanta mas'ala ta 17, wadda ita ce ta sababi, sai na ga ƙarya uku na shirga a jimloli uku. Ibn Rushd bai ce wuta na aiki da ikon kanta ba. Ya bambance tambayoyi biyu: ko abubuwa suna da tasiri a kan junansu, da kuma ko wannan tasirin ya wadatu da kansa ko yana buƙatar mai aikatawa daga waje. Ta farko ya ce a fili take. Ta biyu ya ce sai an yi bincike mai zurfi, kuma ya bayyana cewa masu falsafar da yake karewa sun yarda sababai ba su wadatu da kansu ba. Bai kuma ƙaryata mu'ujiza ba. Ya ɗauke ta cikin tushen shari'a da ba a buɗe ƙofar shakka a kansu, har ya ga wanda ke jayayya a kai ya cancanci horo. Ta ukun kuwa ta fi ban kunya: na nuna kamar mas'alar ta imani da kafirci ce, alhali Gazali da kansa, cikin mas'aloli 20 na Tahafutul Falasifa, uku kaɗai ya kafirta masu falsafa a kansu, wato dawwamar duniya tun fil azal, da cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jikkuna. Sababi ba ya ciki. Na fi mai kora shafawa.

Akwai ma wani ƙaramin abu da na rikita. Na rubuta maƙalar kamar Gazali ne ke amsa wa Ibn Rushd, alhali an haifi Ibn Rushd a 1126, shekara 15 bayan rasuwar Gazali. Da Ibn Sina da Farabi Gazali yake. Ma'ana, hujjojin Ibn Rushd sun zo ne daga baya, Gazali bai taɓa ganinsu ba, kuma duk wanda ke son kare shi a yau nauyin amsa su yana wuyansa. Ba zai ɓoye a bayan babban malami ba.

Gyaran ya fara ne da abin da malaman munazara ke kira tahriru mahallin niza'i, wato a fara tantance ainihin inda aka saɓa. Na raba takarda biyu. A dama na rubuta abin da mutanen biyu suka yarda da shi: Allah ne mahaliccin wuta da auduga, kullum in sun haɗu ana ganin ƙuna, annabawa sun zo da mu'ujizozi. Sai na ga abin da ya rage a hagu kaɗan ne, amma shi ne mai wuya: shin a cikin wutar akwai wata ɗabi'a da ke wajabta ƙuna idan babu abin da ya hana, ko kuwa tsarin da muke gani al'ada ce da Allah ke gudanarwa ba tare da wutar ta aikata kome ba? Tsohon sakin layina bai ko kusanci wannan wurin ba. Duk faɗan da na yi, a kan abin da ke dama na yi shi, inda babu mai jayayya da ni.

Daga nan na tambayi kaina: me Ibn Rushd ke tsoron a rasa idan aka bi Gazali? Wannan tambayar ce ta buɗe mini hujjarsa, domin mai hankali ba ya riƙe ra'ayi don neman fitina kawai, akwai abin da yake karewa. Shi ilimi yake karewa. A wurinsa muna gane abu ne ta aikin da ya keɓanta da shi. Abin da ya sa muka kira wannan wuta, wancan ruwa, shi ne ɗaya na ƙonawa ɗaya na jiƙawa. Idan aka ce ƙuna ba ta da wata alaƙa ta haƙiƙa da wuta, to da me wuta ta zama wuta? Sunaye da ma'anoni sun rushe, kome ya zama ɗaya. Kuma tun da sanin abu shi ne sanin sababinsa, wanda ya kore sababi ya kore hankali. Sannan ya kama kalmar da Gazali ya dogara da ita, wato al'ada, ya tambaya: al'adar wa? Idan ta Allah ce, al'ada abu ne da ake samu ta hanyar maimaitawa, wannan kuwa bai dace da Allah ba. Idan ta abubuwan ce, to ai ita ce ɗabi'ar da ake musu, an sake mata suna kawai. Idan tamu ce, wato yadda muka saba yanke hukunci, to aikin hankali ne, an dawo gidan jiya.

Da na gama fahimtar wannan sai jikina ya yi sanyi, don ban da amsa a shirye. Amma na rubuta sabon sakin layin haka:

"Ibn Rushd ya yarda Allah ne mahaliccin wuta kuma tasirinta bai wadatu da kansa ba. Inda ya saɓa da Gazali shi ne a kan ko Allah ya sanya wa wutar ɗabi'ar da ke wajabta ƙuna matuƙar babu abin da ya hana. Hujjarsa ita ce abubuwa suna bambanta ne da ayyukan da suka keɓanta da su. In aka cire wa wuta ƙonawa, ba abin da ya rage da za a kira wuta. Tun da kuma ilimi sanin sababai ne, musun sababi na kai wa ga musun ilimi gaba ɗaya, har da ilimin da ake kafa hujja da shi a kan hikimar Mahalicci, domin tsarin halitta ne ke nuna hikimar. Bai ga kalmar al'ada ta warware kome ba: ko dai ta zama sifar da ba ta dace da Allah ba, ko ta zama ɗabi'a da wani suna. Idan kuwa wuta ta taɓa abu bai ƙone ba, a wurinsa wannan na nuna akwai abin da ya shiga tsakani, ba ya nuna wutar ta rasa ɗabi'arta."

Mai karatu zai lura da abin da ya fita. Babu "wai", babu "ya yi iƙirari", babu "waɗanda falsafar Girkawa ta rufe wa ido". Waɗannan duk raddi ne da aka saƙa cikin bayani tun kafin lokacin raddi ya yi, suna gaya wa mai karatu abin da zai ji kafin ya ji. Babu kuma "da ire-irensa", domin da zarar ka tara mutane da yawa a buhu ɗaya, za ka zaɓi maganar mafi rauninsu ka ɗora wa kowa. Abin da ya shigo shi ne "hujjarsa ita ce", da "tun da", da "domin". Tsohon sakin layin ya kawo matsayar mutum tsirara ba dalili, kuma kowace matsaya in aka tuɓe mata dalilanta wauta take kama da ita, har da tawa.

Na koma zaure na karanta wa Malam sabon. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To yanzu kai wa kake bi?" Wannan tambayar ce ta nuna mini sakin layin ya yi. Idan mai sauraro zai iya gane ɓangaren da kake tun a cikin bayanin ra'ayin abokin hamayya, akwai sauran aiki.

Wahalar gaske ta zo ne a sakin layi na gaba. Tsohon raddina, na Annabi Ibrahim, ya tashi daga aiki, don ba ya taɓa kome a sabuwar hujjar. Dole na sake komawa wurin Gazali, na kuma ga ashe shi ma ban yi masa adalci ba, na mayar da shi mai kafa hujja da aya kawai alhali hujjar hankali ya kawo. Cewa ya yi abin da ido ke gani shi ne ƙuna na faruwa a yayin haɗuwa da wuta, ido ba ya ganin cewa wutar ce ta aikata. Ya ba da misalin wanda aka haifa da yana a ido, bai taɓa jin labarin dare da rana ba. Aka cire masa yanar da rana tsaka ya ga launuka, sai ya ɗauka buɗe ido ne ya kawo ganin. Ba zai gane akwai hannun hasken rana ba sai ta faɗi. Wannan tambayar, ta bambancin zuwa tare da wajabtawa, ita ce David Hume ya sake tayarwa a Turai a littafinsa na 1739, kuma har yau ba a ce an rufe ta ba.

A kan wannan na gina sabon raddin. Na ce hujjar Ibn Rushd ta dogara ne da cewa ilimi ba ya tsayawa sai da tilas, amma tabbataccen tsari ya isa. Manomin auduga a ƙasar Gwarzo da ke nisanta buhunansa daga murhu ba ya buƙatar sanin ko ƙuna wajibi ce a hankalce. Ya isa ya san ba ta saɓawa, Gazali kuwa bai musa haka ba. Hasali ma shi da kansa ya kawo wa kansa ƙalubalen da ya fi wanda zan iya ƙirƙira zafi: in haka ne, wanda ya bar littafi a gida zai iya dawowa ya tarar ya zama yaro ko dabba ke nan? Ya amsa cewa Allah ya halitta mana sanin cewa ba zai aikata waɗannan abubuwa ba duk da suna yiwuwa, kuma maimaituwar al'ada na kafa wannan sanin a zukata. Game da tambayar "al'adar wa", na ce Ash'arawa, ɓangaren Gazali, ba su nufin ɗabi'ar da ake koyo da maimaici, suna nufin sunnar Allah a halittarsa, wadda yake gudanarwa da zaɓinsa.

Sai dai akwai inda na sallama, na kuma rubuta hakan ƙarara. Idan tsarin ba ya saɓawa sai a mu'ujiza, kuma a kansa ake gina likitanci da noma da kowane ilimi, to tazarar da ke tsakanin al'ada da ɗabi'a ta fi yadda na zata ƙanƙanta. Gazali ma a wannan mas'alar ya buɗe hanya ta biyu, inda ya ce ko an yarda wuta na da ɗabi'ar ƙonawa, Allah na iya taƙaita zafinta ko ya halitta wa jiki wata sifa da za ta kare shi, ya kawo misalin mai shafa wani ma'adani a jiki ya shiga tanderu. Wannan ya yi kusa ƙwarai da abin da Ibn Rushd ke kira abin da ya shiga tsakani. Saboda haka kammalawar maƙalata ta sauka daga "Ibn Rushd ya ɓata" zuwa "Ibn Rushd bai tabbatar da cewa alaƙar wajibi ce ba, ko da yake ya nuna musunta na da tsada". Ƙaramar magana ce a kan ta farko, amma ita zan iya tsayawa a kanta a gaban wanda ya karanta littattafan.

Wani abokin karatuna ya ce wannan ganganci ne, na gyara wa abokin gaba makami, wani zai karanta hujjar ta shige shi, raddin bai shige shi ba. Tun da adalci ake magana, bari in ba shi haƙƙinsa: damuwarsa tsohuwa ce kuma ta manya. Gazali ya kawo a Munƙiz cewa Imam Ahmad bin Hambal ya zargi Harisul Muhasibi da irin wannan, don ya kawo shubuhar Mu'utazilawa kafin ya rushe ta. Gazali ya ce maganar Ahmad daidai ce a kan shubuhar da ba ta yaɗu ba, amma wadda ta riga ta bazu dole a amsa ta, kuma ba a amsa abu sai an faɗe shi. Shi da kansa ya rubuta Maƙasidul Falasifa, inda ya zayyana ra'ayoyin masu falsafa ba raddi, har da aka fassara littafin zuwa Latin aka yi ta yaɗa shi babu gabatarwarsa, malaman Turai suka daɗe suna lissafa shi cikin mabiya Ibn Sina. To haɗarin na nan. Amma a ajin falsafa, inda mai duba takardar ya riga ya san hujjar, ɓoye ta ba ya kare kowa, yana nuna dai ko ba ka sani ba ko kana tsoro.

Ba ma sai an je Bagadaza ko Ƙurɗuba ba. Muhammadu Bello, a Infaƙul Maisuri da ya kammala a 1812, ya kawo wasiƙun Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Borno, mutumin da ke tuhumar halaccin yaƙin da ake yi da ƙasarsa. Hujjar Alkanemi mai nauyi ce: mutanen nan suna salla suna azumi suna zakka, saɓo ba kafirci ba ne, kuma irin laifuffukan da ake lissafa musu ana yin su har a Masar ba wanda ya ce Masar ta kafirta. Bello ya bar maganar da ƙarfinta sannan ya amsa. Ana tsakiyar rikici na jini aka yi haka, ni kuwa a kan jingar aji na kasa.

Akwai iyaka a ɗaya gefen ma, na kusa faɗawa ciki. Da na ɗanɗana daɗin ƙarfafa hujjar Ibn Rushd, sai na ƙara masa wata jimla a kan cewa kimiyyar zamani ta gaskata shi. Na goge ta, domin bai faɗa ba kuma ba zai iya faɗa ba. Ɗora wa mutum hujja mai kyau da ba tasa ba shi ma ƙarya ce a kansa. In kana da hujjar da ta fi tasa ƙarfi a ɓangarensa, ka kawo ta da sunanka, ka ce mai goyon bayansa a yau zai iya ƙarawa da kaza. Haka kuma na rage tsawon sakin layin, don a maƙala mai shafi biyar ba za a kwashe dukkan abin da ya faɗa ba. Na bar hujjar da ta fi cizon matsayata, na zubar da waɗanda na san amsarsu cikin sauƙi, akasin abin da hannu ke so ya yi.

Yanzu idan na shirya wa ɗalibaina muhawara a Kabo, kafin kowane ɓangare ya fara suka sai ya tashi ya faɗi hujjar ɗaya ɓangaren, kuma ba zai ci gaba ba sai su sun ce e, haka muke nufi. Yawanci sai an maimaita kafin a samu wannan e ɗin, wani lokaci ma a nan muhawarar ke mutuwa don an gano ba a saɓa ba tun farko.

Wanda aka ba irin wannan jingar, ko yake da sha'awar maganar wuta da auduga, ya nemi Tahafutut Tahafut ya buɗe mas'ala ta 17. Littafi ɗaya ya ishe shi, domin Ibn Rushd yana kawo maganar Gazali gaɓa-gaɓa da lafazinta kafin ya amsa.